Taƙaitawa ta yi daɗin karatu, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a wata ƙaramar hukuma a Jigawa. An ɗora mini horar da mutum 40 masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina, ranar Litinin mai zuwa. Babin da za mu yi aiki da shi shafi 14 ne da Turanci, sai wata babbar ma'aikaciyarmu, wadda ita ta koya mini aiki, ta taƙaita shi da Hausa a shafi biyu don a raba wa mutane. Na karanta, ya yi daɗi, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma na kasa nuna inda matsalar take. Ga babin da taƙaitawar na haɗo muku. Yaya zan duba? Idan kuma na ga kuskure, yaya zan faɗa mata ba tare da ta ga na raina ta ba?

Wa alaikumus salam, Malama. Mun karanta takardun biyu, kuma zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Kada a buga kwafi 40 ɗin nan tukuna.

Abin da ya hana ki ganin matsalar shi ne kin san aikin. Idan kika karanta "a ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar", ƙwaƙwalwarki tana ƙarasa sauran da kanta, domin kin san ba a ba jariri ɗan wata biyu. Mai rabon da zai riƙe takardar a ƙauye ba shi da wannan ƙarashen, abin da ke rubuce kawai zai bi. Saboda haka sake karantawa sau uku ko sau huɗu ba zai fito da komai ba. Abin da zai fito da shi shi ne dubawa iri biyu, kowace da inda take fuskanta. Ta farko tana tashi daga taƙaitawa zuwa babi, ita ke kama abin da aka ƙara. Ta biyu tana tashi daga babi zuwa taƙaitawa, ita ke kama abin da aka zubar. Yawancin mutane ta farkon kawai suke yi, su ga kowace jimla tana da asali a babin, su ce an gama. Amma jimla tana iya samun asali kuma ta bar rabin ma'anarta a baya, kuma abin da babu shi a takarda ba ya kiran ido.

Ki ware awa uku, ki buga babin a takarda idan da hali, ki samu biro launi biyu da farar takarda da za ki ja wa layuka huɗu a tsaye: lambar magana, abin da taƙaitawa ta ce, shafi da sakin layin da ke babin, sai hukunci.

Ki fara da yanka taƙaitawar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa magana ɗaya tak da za a iya ce mata gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Kada ki bi aya, domin jimla ɗaya tana iya ɗauke da magana uku. Dubi jimla ta biyu a takardar Hajiya, wato babbar ma'aikaciyar taku: "Maganin yana rage mutuwar yara da kashi 75 cikin ɗari domin yana ƙara musu garkuwar jiki." Magana uku ce a nan. Akwai cewa yana rage mutuwa, akwai adadin kashi 75, akwai kuma dalilin da aka bayar na garkuwar jiki. Idan kika duba jimlar a dunƙule, idonki zai faɗa kan 75 a babin, ki ce ga shi nan, ki wuce. Idan kika raba ta, kowace gunduwa sai ta nemi nata shafin. Shafi biyu irin waɗannan sukan ba da magana talatin zuwa arba'in, kuma yankan kaɗai zai ci kusan rabin awa. Kada ki ji ƙyashinsa, sauran aikin a kansa yake tsaye.

Daga nan ki ɗauki kowace lamba ki nemo mata gurbi a babin, ki rubuta shafi da sakin layi. Dokar ita ce sai kin ɗora yatsa a kan layin. "Na tuna na gani" ba ya shiga layin hukunci. Idan kin yi minti biyar ba ki samu ba, ki rubuta "babu" ki wuce, za ki dawo daga baya.

Mu bi jimlar nan mu ga abin da ke faruwa. Babin ya ce a gwaje-gwajen da aka yi, maganin ya hana kusan kashi 75 cikin ɗari na kamuwa da zazzaɓin, da kusan haka na zazzaɓi mai tsanani. Game da mutuwa kuwa, a wani sakin layi dabam, cewa ya yi mai yiwuwa ya rage ta, bai ɗora mata wannan adadi ba. To adadin na gaskiya ne, amma an ciro shi daga kan kamuwa an manna shi a kan mutuwa. Wannan ita ce ƙirƙirar da ta fi wuyar kamawa, domin duk kayan da aka haɗa ta da su daga babin suka fito, haɗin ne kawai sabo. Shi ya sa duk inda kika ga lamba, ki yi mata tambaya uku: nawa ne, na mene ne, kuma daga cikin me aka ƙirga. Kashi 75 ɗin nan ma'anarsa ita ce inda da za a samu kamuwa 100 ba tare da magani ba, sai a samu kusan 25. Ashe har da magani wasu yaran za su kamu, kuma wannan yana da amfani ga mai rabo, domin shi ne zai sa ya gaya wa uwa ta kai yaro asibiti idan jikinsa ya yi zafi ko da ya sha. Ki lura kuma da abubuwa biyu da suka faɗi a hanya: "kusan" da "a gwaje-gwaje". A gwaji ana bibiyar yara sosai a tabbatar sun sha, a unguwa kuwa sakamakon ya dogara da yadda aka yi rabon da yadda iyaye suka ƙarasa.

Sai gunduwa ta uku, ta garkuwar jiki. Ki juya shafi 14 ɗin nan duka, ba za ki same ta ba, kuma ba gaskiya ba ce. Wannan magani ne da ke zama a jini yana kashe ƙwayar cutar na kusan mako huɗu, idan ya fita kariyar ta tafi, dalilin da ya sa ake maimaitawa ke nan. Ba allurar rigakafi ba ce da ke koya wa jiki faɗa da cuta. Ba da niyya Hajiya ta sa ta ba. Mai taƙaitawa yana son jimlarsa ta zauna daidai, sai ya ji kamar tana neman dalili, sai ya ɗauko wanda ya fi kusa da hankali. Don haka ki zagaye kowace "domin", "saboda", "shi ya sa" da "don haka" da ke cikin taƙaitawar, ki nemi inda babin da kansa ya ƙulla waɗannan abubuwa biyu. Sau da yawa babi yakan ajiye magana biyu kusa da juna kawai, taƙaitawa ce ke ɗaura musu aure. Illar wannan a fili take: uwar da aka gaya wa an ƙara wa ɗanta garkuwa za ta ga ba dole ba ne ya sha na wata mai zuwa, wata ma ta naɗe gidan sauro, alhali babin ya nanata cewa maganin ƙari ne a kan kwana cikin gidan sauro.

Akwai wani nau'in "babu" da ke bukatar hukunci dabam. Taƙaitawar ta ce a wasu jihohi ana yin zagayen rabon maganin sau biyar. Babin bai faɗi haka ba, domin a kan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 aka gina shi, wadda ta tsaya a zagaye huɗu. Amma maganar Hajiya gaskiya ce. A 2022 hukumar ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa ƙasashe su daidaita yawan zagaye da tsawon lokacin yaɗuwar cutar a wurarensu, kuma akwai jihohin Najeriya masu doguwar damina da ke yin biyar. Irin wannan ba a goge shi don kawai ba ya cikin babi, ba a kuma barinsa ya saje da sauran kamar daga babin ya fito. Ki fitar da shi gefe, ki rubuta cewa ƙarin bayani ne daga waje, ki tabbatar da adadin zagayen da jiharku ta tsara bana daga takardar da aka aiko muku, wannan adadin shi za ki koyar. Dalilin rabewar shi ne ranar da wani ya ce a nuna masa a littafi, idan aka rasa magana ɗaya, sai ya daina yarda da sauran talatin da tara. Saboda haka layin hukunci a wannan dubawa amsa huɗu yake karɓa: daidai, an canja ƙarfinta, babu amma gaskiya ce, babu kuma ba gaskiya ba ce.

Idan kin gama, ki kife taƙaitawar, ki tashi ki sha ruwa. Dubawa ta biyu ita ce mai nauyi, kuma tana bukatar ido da bai riga ya cika da kalmomin Hajiya ba.

Ki karanta babin daga farko da jan biro, ba don ki fahimce shi ba, kin riga kin fahimta. Kina farautar iyakoki ne, wato duk wurin da marubuci ya taƙaita faɗin maganarsa. Iyaka takan amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan: ga wa, a ina, yaushe kuma har yaushe, sau nawa, ban da wa, da wane sharaɗi, da wane irin tabbaci. A Hausa sukan fito da "sai dai", "ban da", "idan", "muddin", "galibi", "wasu", "kusan", "mai yiwuwa", "aƙalla", "bai wuce", kuma kin san takwarorinsu a Turancin babin. Ki ja layi a ƙarƙashin kowace, ki sa mata harafi a gefen shafi. Kada ki tsallake jadawali, da akwatunan da aka zagaye, da ƙananan rubutun ƙasan shafi, domin marubutan littattafan horarwa a nan suka fi ajiye togaciya, mai taƙaitawa kuma manyan sakin layi ya fi bi. Bayan kin gama sai ki buɗe taƙaitawar, ki bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kina tambaya: wannan ta iso, ko ta faɗi a hanya?

Ga abin da muka samu da muka yi haka da takardunki.

Babin ya ce yara daga wata 3 zuwa wata 59. Taƙaitawa ta ce 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyakar sama ta iso, ta ƙasa ta ɓace. A idon mai rabo, jariri ɗan sati shida ma ɗan ƙasa da shekara biyar ne, kuma uwa mai son ɗanta za ta miƙo shi. Tare da wannan, jadawalin da ya raba yara gida biyu ya ɓace gaba ɗaya: 'yan wata 3 zuwa ƙasa da wata 12 suna da nasu fakitin, wanda ƙarfinsa rabin na 'yan wata 12 zuwa 59 ne. Taƙaitawar ta ce kawai "a ba kowane yaro fakiti ɗaya". Jimlar ba ƙarya ba ce, kowane yaro fakiti ɗaya yake samu, amma wanda ya bi ta yadda take zai iya ba ɗan wata biyar ninki biyu na abin da ya kamata.

Babin ya ce kowane zagaye kwana uku ne. Ranar farko ana ba da salfadoksin-firimetamin tare da ƙwayar amodiyakwin ta farko a gaban mai rabo, sannan a bar wa uwa ƙwaya biyu na amodiyakwin ta ba yaro a rana ta biyu da ta uku. Taƙaitawa ta ce "ana sha sau ɗaya a wata". Abin da Hajiya take nufi shi ne zagaye ɗaya a wata, amma abin da ta rubuta ya share kwana biyu, waɗanda su ne ba mai sa ido a kansu sai uwa, kuma su ne aka fi mantawa. A nan za ki ga abin da ya sa ake auna taƙaitawa da abin da ta ce, ba da abin da mai ita yake nufi ba. Ranar rabo Hajiya ba ta wurin da za ta yi bayani.

Babin ya ce idan yaro ya yi amai cikin minti 30 bayan ya sha, a bar shi ya ɗan huta a sake ba shi, sau ɗaya. Taƙaitawa ta ce "idan ya yi amai a sake ba shi". Iyaka biyu suka faɗi a jimla ɗaya, ta lokaci da ta adadi. Minti 30 ɗin yana da dalili: bayan wannan lokaci ana ɗaukar cewa maganin ya riga ya shiga jiki, sake bayarwa ya zama ninkawa.

Mafi nauyi shi ne akwatin da ke ɗauke da yaran da ba a ba. Babin ya lissafa yaron da ke fama da rashin lafiya mai tsanani ko ba ya iya haɗiyar magani, da wanda ya taɓa samun mummunan martani ga ɗaya daga cikin magungunan biyu ko ga dangin salfa, da wanda ke shan kotirimoksazol, wanda aka fi sani da Saftirin, da wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu cikin mako huɗu da suka wuce. Ya kuma ce yaro mai zazzaɓi a tura shi a gwada, idan gwaji ya nuna cutar a yi masa maganin warkarwa, ya jira zagaye na gaba. Taƙaitawa ta dunƙule wannan duka ta ce "ban da marasa lafiya". Kalma huɗu sun rufe kashi ɗaya kawai. Yaron da ke shan Saftirin kullum yana iya zama yana wasa a tsakar gida lafiya lau, babu mai kiransa marar lafiya, alhali maganin da yake sha dangi ɗaya ne da salfadoksin-firimetamin kuma ba a haɗa su. Haka wanda fatarsa ta taɓa yin ƙuraje masu tsanani bayan ya sha irin wannan magani. Waɗannan ba a gane su da ido, sai an tambayi uwa, kuma mai rabo ba zai tambaya ba idan takardarsa ba ta ce ya tambaya ba. Duk inda kika ga taƙaitawa ta mayar da jerin abubuwa zuwa kalma ɗaya mai faɗi, ki ƙirga abubuwan jerin, ki gwada kowanne ki ga ko kalmar ta rufe shi da gaske.

Yanzu za ki ce, to ai idan aka mayar da kowace iyaka, shafi biyu zai koma shafi 14. Haka ne, kuma ba a so haka ba. Taƙaitawa dole ta zubar da abubuwa, aikinta ke nan. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin da zai raba zubarwar da ta halatta da wadda ba ta halatta ba, kuma ma'aunin shi ne wannan: ki ɗauki mutum biyu, ɗaya ya karanta babin, ɗaya ya karanta taƙaitawa kawai, ki sa su a ƙofar gida ɗaya gaban yaro ɗaya. Za su yi abu ɗaya? Za su gaya wa uwa magana ɗaya? Idan amsar e ce, iyakar tana iya tafiya. Misali, babin ya yi dogon bayani cewa tsarin ya dace ne da yankunan da yawancin zazzaɓin shekara ke taruwa cikin 'yan watanni, kamar yankin Sahel, inda fiye da kashi 60 cikin ɗari na kamuwa ke faɗowa cikin wata huɗu. Taƙaitawa ta bar wannan, kuma babu laifi, domin an riga an zaɓi ƙaramar hukumarku, mai rabo ba shi ne zai yanke wannan hukunci ba. Da a ce taƙaitawar don masu tsara shiri a ma'aikata aka yi ta, wannan ce iyakar da ba za a taɓa bari ba. Ma'aunin yana bin wanda zai riƙe takardar.

Akwai kuma masu tsaka-tsaki. "Kowane wata" a madadin "kowane kwana 28" ba zai canja abin da mai rabo zai yi ba, tunda ranakun daga sama ake sa su. Amma tun da gyaran bai ƙara tsawo ba, gara a rubuta kwana 28, don idan uwa ta tambaya me ya sa aka dawo wata bai cika ba, a samu amsa.

Ki yi hattara da tarko biyu yayin aikin. Na farko shi ne neman kalma a waya. Idan babin yana wayarki kika nemi lamba 75, za ta fito, kuma fitowarta tana sa mutum ya ji ya tabbatar. Ki karanta jimlar da lambar take ciki, da wadda ke gabanta, da wadda ke bayanta, domin togaciya ta fi zama a jimlar da ke biye. Na biyu shi ne gajiya. Mutum yakan yi tsanani a magana goma na farko, ya fara sakin hannu daga ta ashirin, alhali ƙarshen babi ne yakan ɗauki gargaɗi, da alamun da ke sa a tura yaro asibiti, da yadda ake kai rahoton illar magani. Mai taƙaitawa ma a daidai nan ya gaji, don haka gajiyarku biyu a wuri ɗaya take haɗuwa. Maganinsa ki fara dubawa ta biyu daga sashen ƙarshe ki dawo baya, ko ki bar ta zuwa safiya. Idan kin samu abokiyar aiki, ku yi kamar masu sauraren hadda: ita tana karanta iyakokin da kika ja wa layi da ƙarfi, ke kina bin taƙaitawar da yatsa kina cewa akwai ko babu. Kunne yana kama giɓin da ido ya saba tsallakewa.

Gyaran kansa bai kamata ya kumbura takardar ba. Ga yadda jimlolin za su iya komawa. "Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, 'yan ƙasa da wata 12 suna da nasu ƙaramin fakiti." "Kowane zagaye kwana uku ne: na farko a gabanka, na biyu da na uku a hannun uwa." "Idan ya yi amai cikin minti 30, a sake sau ɗaya." "Yana rage kamuwa da zazzaɓin sosai amma ba ya hana shi gaba ɗaya. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, kuma idan jiki ya yi zafi a je gwaji." Sai tambayoyin da za a yi wa uwa kafin a ɓare fakiti, kowace a layinta. Duka wannan bai fi ƙarin layi takwas ko goma ba, kuma za ki samu wurinsu idan kika cire jimlar garkuwar jiki da gabatarwar da ke yabon shirin. Bayan kin gyara, ki sake bin sababbin jimlolin da dubawa ta farko, ki nemo wa kowace shafinta, domin mai gyara ma yana ƙara nasa ba tare da ya sani ba. Jarrabawa ta ƙarshe kuma ita ce ki ba wani da bai karanta babin ba, ki yi masa tambaya uku daga takardar kawai: ga jariri ɗan wata biyu, me za ka yi? Ga yaro lafiyayye da uwarsa ta ce yana shan Saftirin kullum, me za ka yi? Ga yaro ya yi amai bayan awa ɗaya, me za ka yi? Idan ya kuskure ɗaya, takardar ce ta kuskure, a koma mata.

Sai maganar Hajiya. Ki same ta ita kaɗai, kafin Litinin da kwana biyu aƙalla, kada ki aika ta waya a dandalin ma'aikata, kada kuma ki gyara a ɓoye ki buga, domin za ta gani ranar horo a gaban mutane, wannan shi ne rainin da kike tsoro. Ki je da babin a buɗe da takardar layukanki, amma kada ki zube mata duka. Ki zaɓi uku da suka shafi lafiyar yaro kai tsaye: iyakar wata 3 da fakiti biyu, kwana na biyu da na uku, da jerin waɗanda ba a ba. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa yawancin maganganun sun yi daidai da babin kuma takardar ta sauƙaƙa miki aiki. Sannan ki ce: "Hajiya, ina shirin Litinin ne na bi takardar da babin layi-layi. Akwai wurare uku da nake tsoron masu rabo ba za su gane abin da kike nufi ba, tunda ba su san abin da kika sani ba. Ki duba mini ko in muka sa haka ya yi." Ki miƙa mata shafin da yatsanki a kan layin, da jimlar da kika shirya a madadin. Wannan magana ba dabara ba ce, ita ce ainihin abin da ya faru: ta rubuta ne kamar mai magana da wadda ta san aikin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wadda ta koya miki aiki ta fi kowa sanin abin da ke biyo bayan ba jariri maganin da bai kai shekarun sha ba.

Maganar kashi 75 da ta garkuwar jiki ki kawo su bayan ta amince da na farkon, a matsayin tambaya: a wane shafi ne, don ki iya nunawa idan an tambaye ki? Idan ta nema ba ta samu ba, da kanta za ta ce a cire. Idan kuma ta dage a kan ɗaya daga cikin ukun farko, ki roƙe ta ku kai wa jami'in da ke kula da shirin zazzaɓin cizon sauro na ƙaramar hukuma, ku biyu tare, ya duba kafin a buga. A ƙasan takardar da aka gyara ki bar sunanta a matsayin wadda ta taƙaita, ki ƙara sunan babin da lambobin shafukan da kwanan watan da aka duba, don wanda zai ɗauko ta damina mai zuwa ya san da wane bugu aka gwada ta, ya kuma sake gwadawa idan an sabunta littafin.